Yadda ake warware tarin ikweshan masu lanƙwasa da hanyar Newton, da yadda Broyden ke rage wahalar matiriks

Matsalar ita ce kana da ikweshan n da abubuwan da ba a sani ba guda n, kuma ikweshan ɗin ba miƙaƙƙu ba ne: akwai x² a ciki, ko xy, ko exp(x). Ana kwashe komai zuwa ɓangare ɗaya a rubuta `F(v) = 0`, inda v ke ɗauke da duk abubuwan da ake nema. Abin da F ke bayarwa a wurin da kake tsaye shi za mu kira ragowa, kuma aikin duka shi ne a danne ragowar nan har ta kai sifili ko kusa da shi.

Dabarar Newton ga ikweshan ɗaya sananniya ce. Ka tsaya a wuri, ka ja miƙaƙƙen layin da ya shafi lanƙwasar a wurin, wato tanjent, ka bi shi har inda ya yanke sifili, ka koma can ka sake. Joseph Raphson ya buga sigarta mai sauƙi a 1690, Thomas Simpson kuma a 1740 ya rubuta ta da kalkulas har ya nuna yadda za ta yi aiki a kan ikweshan biyu. A tarin ikweshan, gangarar tanjent ba lamba ɗaya ba ce, matiriks ce mai layi n da ginshiƙi n. Ana kiranta matiriks ɗin Jacobi, ana rubuta ta J. Lambar da ke layi na i, ginshiƙi na j, tana gaya maka yadda ikweshan na i ke motsawa idan ka ɗan taɓa abu na j ka bar sauran yadda suke. Kusan duk tsadar hanyar Newton a kan wannan matiriks take, wajen gina ta da wajen warware ta, shi ya sa rabin bayanin nan zai tafi kan yadda ake guje wa sake gina ta.

Misalin da za mu riƙe har ƙarshe

Da'ira mai radiyos 2, da lanƙwasar xy = 1. Ina suka haɗu?

```
F1 = x² + y² − 4
F2 = x·y − 1

J = [ 2x   2y ]
    [  y    x ]
```

An zaɓi wannan ne don an san amsarsa daidai, za ka iya auna kowane taku da ita. Mahaɗar da muke nema ita ce x = (√6 + √2)/2 = 1.9318517 da y = (√6 − √2)/2 = 0.5176381. Akwai wasu mahaɗai uku: wadda aka musanya x da y, da kuma biyun da aka juya alamarsu zuwa ragi.

Kowane zagaye aiki huɗu ne a jere. Ka lissafa ragowa F a inda kake, ka gina J a wurin, ka warware `J·s = −F` don samun taku s, sannan ka matsa zuwa `v + s`.

Mu fara daga (2, 1). Ragowa ita ce F1 = 4 + 1 − 4 = 1, F2 = 2 − 1 = 1. Layin farko na J shi ne (4, 2), na biyu (1, 2). Idan muka kira ɓangarorin taku a da b, abin warwarewa shi ne 4a + 2b = −1 da a + 2b = −1. Cire na biyu daga na farko, 3a = 0, don haka a = 0, b = −0.5. Sabon wuri (2, 0.5), ragowarsa (0.25, 0).

A zagaye na biyu J ta sauya, layukanta sun zama (4, 1) da (0.5, 2). Yanzu 4a + b = −0.25, 0.5a + 2b = 0. Daga na biyu b = −0.25a, sai 3.75a = −0.25, a = −0.0666667, b = 0.0166667. Mun isa (1.9333333, 0.5166667), ragowa (0.0047222, −0.0011111). Zagaye na uku ya kai mu (1.9318527, 0.5176371), inda babbar ragowa ta zama 0.0000031. Na huɗu ya sauke ta zuwa wajen 2×10⁻¹².

Ka jera mafi girman ragowa a kowane zagaye: 1, sai 0.25, sai 0.0047, sai 0.0000031, sai 0.000000000002. Da an kusanci amsa, yawan sifilin da ke bayan ɗigo yana ninkuwa biyu a kowane taku. A wannan misali dalilin a fili yake, domin ikweshan ɗin ba su wuce murabba'i ba: bayan cikakken taku, sabuwar F1 daidai take da a² + b², sabuwar F2 kuma a·b. Abin da tanjent ya kasa gani shi ne kawai ya rage, kuma girmansa murabba'in taku ne. Wannan jeri shi ne ma'aunin da za ka riƙa gwada shirinka da shi. Idan kana kusa da amsa amma ragowa na raguwa da kashi iri ɗaya kowane zagaye, misali tana rabewa biyu ko uku, to ɗaya daga biyu ne: ko akwai kuskure a J ɗin da ka rubuta, ko kuma J ta lalace a daidai kan amsar, wato ditaminan ɗinta ya zama sifili. Na farkon ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma alamar ragi ɗaya da aka manta ta isa.

Ga shi a Python:

```python
import numpy as np

def F(v):
    x, y = v
    return np.array([x*x + y*y - 4, x*y - 1])

def J(v):
    x, y = v
    return np.array([[2*x, 2*y], [y, x]])

v = np.array([2.0, 1.0])
for k in range(20):
    f = F(v)
    if np.max(np.abs(f)) < 1e-10:
        break
    v = v + np.linalg.solve(J(v), -f)
```

Warware J·s = −F

A takarda ana yawan rubuta `s = −J⁻¹F`, sai mai koyo ya ɗauka sai ya juya matiriks ɗin tukuna. Kada ka yi. Juya ta gaba ɗaya yana cin aiki kusan ninki uku na rarraba ta, kuma ba ya ƙara maka daidaito. Abin da `np.linalg.solve` ke yi a ciki shi ne rarraba J zuwa L da U, wato matiriks biyu masu siffar alwatika, tare da musanya layuka don kada a raba da ƙaramar lamba, sannan ya bi L daga sama zuwa ƙasa, ya bi U daga ƙasa zuwa sama.

Bambancin tsadar matakan nan biyu shi ne tushen duk dabarun da ke tafe. Rarrabawar tana cin lissafi kusan (2/3)n³, bin alwatikan biyu kuma 2n² kacal. Idan n = 1000, rarrabawa wajen miliyan 667 ce, bin alwatika miliyan 2. Wato da zarar L da U suna hannunka, za ka iya warwarewa sau 300 da wani abu kafin ka kashe kuɗin rarrabawa ɗaya.

Sai batun samun J ɗin kanta. A misalinmu an fitar da ita da hannu cikin minti ɗaya. Amma sau da yawa F wani dogon shiri ne da ba a iya fitar da gangararsa a takarda, sai a kimanta ta ginshiƙi bayan ginshiƙi: a ƙara ƙaramin h a kan abu na j, a sake kiran F, a cire tsohuwar ragowa, a raba da h.

```python
def Jfd(F, v, f):
    n = len(v)
    A = np.empty((n, n))
    for j in range(n):
        h = 1.5e-8 * max(abs(v[j]), 1.0)
        w = v.copy()
        w[j] += h
        A[:, j] = (F(w) - f) / h
    return A
```

Lambar 1.5e-8 ba a ka aka tsinto ta ba. Kwamfuta na riƙe lamba da kusan alƙaluma 16, mafi ƙanƙantar tazarar da take ganewa kusa da 1 ita ce 2.2×10⁻¹⁶, tushen murabba'in wannan kuma shi ne 1.5×10⁻⁸. In h ya yi girma, lanƙwasar F za ta gurɓata kimar: gangarar F1 a x = 2 tana fitowa 4 + h maimakon 4. In ya yi ƙanƙanta, cirewar za ta cinye alƙaluman. Gwada h = 10⁻¹⁶ a x = 2 ka gani, kwamfuta za ta ce 2 + h daidai yake da 2, ginshiƙin gaba ɗaya ya fito sifili. Idan kuma F ɗinka tana fitowa daga wani lissafin da daidaitonsa bai wuce alƙaluma 8 ba, sai ka ɗaga h zuwa wajen 10⁻⁴, tushen murabba'in hayaniyar da ke cikin F ɗin. Ko da ka rubuta J da hannu, ka kwatanta ta da `Jfd` sau ɗaya a wani wurin da babu sifili ko lambobi masu kama da juna, kamar (1.3, 0.7). A nan ake kama alamar ragin da aka manta.

Farashin wannan hanya shi ne kiran F sau n a kowane zagaye, bayan kira ɗaya na ragowa. In n = 200 kuma kowane kira na cin daƙiƙa guda, zagaye ɗaya ya haura minti uku.

Idan taku ya yi tsalle

Ditaminan na J a misalinmu shi ne 2x² − 2y², yana zama sifili a kan layin x = y da layin x = −y. Fara daga (1, 1), shirin zai tsaya da `LinAlgError: Singular matrix`. Wannan mai sauƙi ne, don ya faɗa maka. Mai cutarwa shi ne farawa kusa da layin, kamar (1.01, 1). Ragowa (−1.9799, 0.01) ce, ba wani girma, amma ditaminan 0.0402 ne, taku ya fito (50.24, −49.75). Ka faɗa (51.25, −48.75), F1 ta tashi daga wajen −2 zuwa kusan 5000, ba tare da wani gargaɗi ba. `np.linalg.cond`, wanda ke auna yadda matiriks ta kusanci lalacewa, zai nuna maka abin da ke faruwa: a (2, 1) yana ba da wajen 3.9, a (1.01, 1) wajen 250, kuma yana ci gaba da hawa yayin da kake matsowa layin. A manyan matsaloli ka dogara da shi, ba ditaminan ba, don ditaminan na iya ƙanƙancewa saboda sikelin lambobi kawai.

A wannan misali Newton zai dawo da kansa, yana rabe nisan biyu kowane zagaye, ya ɓata zagaye shida ko bakwai a hanya. Sa'a ce ta murabba'i. Da akwai log(y) a ciki, y = −48.75 ya kashe lissafin nan take, exp kuma yana fashewa da zarar abin da ke cikinsa ya kai 710.

Maganin shi ne a riƙe alƙiblar taku a rage tsawonsa. Alƙiblar Newton, in dai J daidai take kuma ba ta lalace ba, kullum tana gangarawa ne ta fuskar rage girman ragowa, tsawon ne ke wuce gona da iri. Sai a gwada `v + λs` da λ = 1, in ragowa ba ta ragu ba a raba λ biyu, a yi ta rabawa. Sharaɗin karɓa da aka saba shi ne `‖F(v + λs)‖ ≤ (1 − 10⁻⁴λ)·‖F(v)‖`. A (1.01, 1) girman ragowa `‖F‖`, wato tushen murabba'in F1² + F2², 1.98 ne. Da λ = 1/32 ragowa (2.96, −2.43) ce, har yanzu ta fi ta farko muni. Da λ = 1/64 an sauka a (1.795, 0.223), ragowa (−0.73, −0.60), girmanta 0.94, an karɓa. Kiran F bakwai ke nan, babu sabuwar matiriks ko ɗaya, kuma daga nan cikakken taku yana tafiya lafiya. Kullum ka fara da λ = 1 a kowane sabon zagaye, in ba haka ba za ka rasa saurin nan na ninka sifili a kusa da amsa. Idan ka ga λ yana ta ƙanƙancewa zuwa 10⁻⁶ ragowa kuma ta tsaya cak a wata lamba da ba sifili ba, mai yiwuwa ka faɗa wani kwari ne inda girman ragowa ya kai ƙasa amma babu amsa a wurin. Ƙara yawan zagaye ba zai fitar da kai ba, sai ka sauya wurin farawa.

Daskarar da matiriks

Hanya mafi arha ta guje wa sake gina J ita ce a gina ta sau ɗaya, a rarraba ta da `scipy.linalg.lu_factor`, a riƙa kiran `lu_solve` da ita a kowane zagaye. Mu gwada da J ta (2, 1). Taku na farko ɗaya yake da na Newton, ya kai mu (2, 0.5). Na biyu da tsohuwar matiriks ya kai (1.9166667, 0.5416667), babbar ragowa 0.038. Na uku (1.9403935, 0.5107060), ragowa 0.026. Daga nan kuskuren yana raguwa zuwa kusan 0.41 na girmansa a kowane taku, yana tsallake amsa hagu da dama, kuma sai ya ci taku sama da 20 kafin ya kai 10⁻¹⁰.

Da a ce an jira taku ɗaya aka daskarar da J ta (2, 0.5), wadda ta fi kusa da amsa, da kason ya sauka zuwa kusan 0.057. Don haka saurin wannan hanya ya dogara ne kacokan kan nisan da ke tsakanin matiriks ɗin da ka daskarar da ta gaskiya a kan amsa. A aikace ana sa ido kan rabon sabuwar ragowa da tsohuwa, in ya haura 0.5 a sake gina J.

Gyaran Broyden

Daskararriyar matiriks tana zubar da wani bayani da ka riga ka biya kuɗinsa. Bayan kowane taku ka san nisan da ka matsa, s, ka kuma san yadda ragowa ta sauya, `d = F(sabo) − F(tsoho)`. Wannan gangara ce ta gaske a kan alƙiblar s. Charles Broyden a 1965 ya ba da shawarar a riƙe wata matiriks B a madadin J, a riƙa gyara ta bayan kowane taku ta yadda `B·s = d` zai tabbata. Wannan sharaɗi n ne kawai a kan lambobi n², saboda haka B masu cika shi ba su ƙirguwa. Zaɓin Broyden shi ne kada a taɓa abin da ba a samu sabon bayani a kansa ba: a duk alƙiblar da ke tsaye kyam a kan s, sabuwar B ta yi abin da tsohuwar ke yi. Abin da ke fitowa shi ne:

```
B_sabo = B + (d − B·s)·sᵀ / (sᵀ·s)
```

Idan cikakken taku aka ɗauka, `B·s = −F(tsoho)`, sai `d − B·s` ya zama sabuwar ragowa kawai.

Mu bi shi da hannu. B ta farko ita ce J ta (2, 1), layukanta (4, 2) da (1, 2). Taku s = (0, −0.5), sabuwar ragowa (0.25, 0), sᵀs = 0.25. Gyaran ya taɓa gurbi ɗaya tak, layi na farko ginshiƙi na biyu, da 0.25 × (−0.5) / 0.25 = −0.5. Sabuwar B tana da layuka (4, 1.5) da (1, 2), alhali J ta gaskiya a wurin (4, 1) da (0.5, 2) ce. Duba da kyau abin da ya faru. An matsa ne a kan y kawai, don haka ginshiƙin y kaɗai aka gyara. Lambar 1.5 ita ce matsakaicin gangara tsakanin tsohon wuri, inda take 2, da sabon, inda take 1. Ita kuwa lambar 1 da ke ginshiƙin x, wadda ya kamata ta zama 0.5, tana nan yadda take, domin ba a taka ta wajenta ba balle a san ta sauya.

Da wannan B, 4a + 1.5b = −0.25 da a + 2b = 0 suna ba da s = (−1/13, 1/26). Sabon wuri (25/13, 7/13), wato (1.9230769, 0.5384615), ragowa (−2/169, 6/169), babbarta 0.0355. A nan kusan babu bambanci da daskararriyar matiriks mai 0.038. Bambancin a gaba yake bayyana. Gyara na biyu ya mai da B layuka (4.123, 1.438) da (0.631, 2.185), ka ga 1 ɗin nan ta sauko zuwa 0.631 tunda yanzu an motsa x. Taku na uku ya kai (1.9325736, 0.5194682), ragowa 0.0047. Na huɗu (1.9319696, 0.5177454), ragowa 0.00057. Na biyar ya sauke ta zuwa wajen 0.00002.

Rabon kowace ragowa da ta bayanta a takun ƙarshe shi ne 0.13, 0.12, sai 0.035. Ba ya tsayawa a lamba ɗaya kamar na daskararriya, yana saukowa zuwa sifili, ko da yake ba a jere sumul ba, kuma bai kai saurin Newton ba. Broyden da Dennis da Moré sun tabbatar da wannan hali a 1973, da sharaɗin cewa wurin farawa da B ta farko duka suna kusa da gaskiya. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne B ba sai ta zama J ba. Bayan gyara huɗu layukanta (4.12, 0.95) da (0.66, 1.88) ne, J ta kan amsa kuwa (3.86, 1.04) da (0.52, 1.93). Abin da ake bukata shi ne ta yi daidai a alƙiblar da ake takawa. Saboda haka kada ka ɗauki B ta ƙarshe ka yi amfani da ita wajen kimanta yadda amsa ke motsawa idan an taɓa wani ma'auni. In kana bukatar wannan, ka gina J ta gaskiya sau ɗaya a kan amsar.

```python
v = np.array([2.0, 1.0])
f = F(v)
B = J(v)
for k in range(50):
    s = np.linalg.solve(B, -f)
    v = v + s
    fn = F(v)
    if np.max(np.abs(fn)) < 1e-10:
        break
    B = B + np.outer(fn - f - B @ s, s) / (s @ s)
    f = fn
```

An sa gwajin tsayawa kafin gyaran da gangan. A kan amsa s da d duka ƙanana ne ƙwarai, rabonsu hayaniya ce zalla, kuma `s @ s` na iya zama sifili.

Lissafin riba a bayyane yake. A ce n = 200 kuma da `Jfd` ake gina J. Newton mai zagaye biyar ya kira F sau 1005. Broyden, ko da ya bukaci zagaye 15, ya kira ta sau 200 don B ta farko da wasu 16 a kai. A ƙaramin misali irin namu, inda J ba ta da tsada, Broyden asara ce, Newton ya fi.

Shirin da ke sama ya kawar da ginin J amma har yanzu yana rarraba B a kowane zagaye, n³ na nan. Ana kawar da shi ta riƙe juyayyiyar B, a kira ta H, a gyara ta kai tsaye da ƙa'idar Sherman da Morrison:

```
H_sabo = H + (s − H·d)·(sᵀ·H) / (sᵀ·H·d)
```

Taku ya zama `s = −H·F`, komai ya koma n². Nan ne kaɗai juya matiriks ke da hujja, kuma sau ɗaya ake yi a farko. Ka sa ido kan lambar da ake rabawa da ita. Rabon `sᵀHd` da `sᵀs` daidai yake da rabon sabon ditaminan da tsoho. A takunmu na farko sᵀHd = 0.2708, a raba da 0.25 a samu 1.083, ditaminan kuwa ya tashi daga 6 zuwa 6.5, rabo ɗaya. Idan wannan rabo ya kusa sifili, gyaran zai lalata B, sai ka tsallake shi ko ka sake gina J. Ga n mai girman gaske ba a ma ajiye H: ana ajiye L da U na matiriks ta farko da jerin takun da aka yi, a sake farawa idan jerin ya kai 20 ko 30.

Haɗa Broyden da rage tsawon taku yana da tarko biyu. Na farko, s da ke shiga gyaran dole ya zama takun da aka ɗauka da gaske, λs, kuma a yi amfani da cikakkiyar `d − B·s`, don gajeriyar hanyar nan ta sabuwar ragowa ba ta aiki sai λ = 1. Na biyu, tabbacin cewa alƙibla tana gangarawa na J ta gaskiya ne, B ba ta da shi. In ka raba λ sau uku ko huɗu ragowa ba ta ragu ba, kada ka ci gaba da rabawa, B ce ta tsufa. Ka gina sabuwar J a inda kake tsaye ka ci gaba. Haka `hybrd` na MINPACK ke yi, wanda `scipy.optimize.fsolve` ke kira a ƙarƙashi: yana gina J ta hanyar ƙara h, yana gyara ta da Broyden, yana iyakance tsawon taku da hanyar Powell, kuma idan taku biyu a jere suka gaza yana sake gina ta.

B ta farko tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Farawa da matiriks mai 1 a kan dayagonal da sifili a sauran gurabe yana da arha, amma yana nufin ka ɗauka kowane ikweshan da abu ɗaya yake tafiya kuma gangararsa 1 ce. In sikelin bai yi kama da haka ba, takun farko zai watsar da kai. Sikelin kansa ma yana shiga gyaran ta `sᵀs`: idan wani abu matsin iska ne a faskal, wajen 100000, wani kuma kaso ne tsakanin 0 da 1, babban zai mamaye s, ginshiƙan ƙananan ba za su ga gyara ba. Ka raba kowane abu da girman da ya saba kaiwa kafin ka fara, haka ma kowane ikweshan, don gwajin tsayawa na `1e-10` ya yi ma'ana ɗaya a kansu duka. Ka kuma duba ragowa da girman taku tare, domin ƙaramin taku shi kaɗai na iya nufin an maƙale ne, ba an iso ba.

Akwai inda Broyden bai dace ba sam. Idan J mai yawan sifili ce, kamar wadda ke fitowa daga raba waya ko bututu gida-gida inda kowane gida da maƙwabtansa biyu kawai yake hulɗa, gyaran `(d − B·s)·sᵀ` zai cike duk guraben sifilin a taku ɗaya. Irin wannan matiriks mai layin dayagonal uku ana gina ta da kiran F sau uku kacal komai girman n, ta hanyar taɓa abu na 1, 4, 7 da sauransu a lokaci guda, sannan 2, 5, 8, sannan 3, 6, 9, tunda tasirinsu ba ya haɗuwa a ikweshan ɗaya. `scipy.linalg.solve_banded` kuma yana warware ta da aikin da ke tafiya daidai da n. A `fsolve` ana faɗa masa wannan tsari da `band=(1, 1)`.